Lamba ɗaya, wayoyi huɗu: wa ke da alhakin amsa saƙon kwastoma?

A ce shago ne na taki da iri da maganin feshi a Bici, a bakin titin Kano zuwa Katsina. Lambar WhatsApp Business ɗaya ce a rubuce a jikin allo, amma an haɗa ta da wayar maigida, da ta mai karɓar kuɗi, da ta yaran shago biyu. Manhajar ta yarda da haka: ana iya jona na'urori har huɗu a kan babbar wayar ta `Linked devices`, kuma tun 2023 har wayoyi ana jonawa, ba kwamfuta kaɗai ba.

Rigimar tana farawa ne daga abubuwa biyu da manhajar ke yi. Idan wani ya buɗe saƙo a wayarsa, alamar sabon saƙo takan ɓace a sauran wayoyin, sai kowa ya ɗauka an amsa. Kuma ba ta nuna maka cewa abokin aikinka yana cikin rubuta amsa a yanzu. Na farkon shi ke sa a bar kwastoma ba amsa, na biyun shi ke sa a amsa masa sau biyu.

Misali, wani manomi daga Badume ya turo saƙon murya: "Alhaji, ina wuni? Nawa buhun yuriya yau? Guda goma nake so, a aiko min." Yaro na farko yana bayan sito, ya saurara, ya danna yana naɗar amsa da farashin jiya. Yaro na biyu yana gaban kanta, ya san an ƙara naira dubu a kan buhu da safe, shi ma ya amsa. Naɗar murya takan ci minti guda, in sabis ya yi rauni kuma saƙon ya tsaya da alamar agogo, ba zai bayyana a sauran wayoyin ba sai ya fita. Manomi ya ga farashi biyu, ya riƙe mai sauƙin, naira dubu goma ta tafi. Da kowannensu ya kira mai kurkura, buhu ashirin ne za su kama hanya.

Wasu kan ce maganin shi ne duk wanda ya fara gani ya sa alama cewa ya ɗauka. A ganina wannan bai isa ba inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, domin alamar ma sai ta bi intanet kafin ta isa wayar wani. Abin da ke aiki shi ne mutum ɗaya ya zama mai rabo a kowane lokaci. Shi kaɗai ke buɗe sabon saƙo. Yana saurara, ya liƙa wa hirar laƙabi ta `Labels`, wanda wasu sababbin zubin manhajar ke kira `Lists`. Laƙabin ya zama na kujerar aiki: Kuɗi, Sito, Kai kaya, Maigida. Kowa ya duba nasa jerin kawai. Hirar da ba ta da laƙabinka, ko ka san amsar, ba taka ba ce.

To, saƙon manomin nan fa, da ya haɗa farashi da kai kaya? Kada a raba shi biyu. A bai wa mutum ɗaya, a ce mai sito. Shi zai tambayi farashin yau da baki a cikin shago, ya amsa sau ɗaya, ya rufe da sunansa don manomi ya san da wa yake magana. Idan hoton tura kuɗi ya shigo, mai rabo ya cire laƙabin Sito ya sa Kuɗi, kuma babu mai cewa "mun gani" sai wanda ya duba asusun da idonsa. Laƙabi biyu a kan hira ɗaya daidai yake da babu ko ɗaya.

Manyan kamfanoni suna biyan kuɗin manhajoji irin su Zendesk da Freshdesk, waɗanda ke gargaɗi idan ma'aikata biyu sun shiga saƙo ɗaya. Shagon mutum huɗu ba ya bukatar wannan.

Inda tsarin kan karye shi ne lokacin da mai rabo ya tafi salla ko kasuwa bai miƙa wa kowa ba. Ya faɗa da baki, "Malam, rabo na hannunka," ya jira a amsa masa. Wanda ya buɗe saƙo bisa kuskure kuma ya mayar da shi da `Mark as unread`.

Kafin a rufe shago, maigida ya bi hirarrakin ranar yana neman abu biyu: inda maganar ƙarshe ta kwastoma ce, da inda muryoyi biyu daban suka amsa tambaya ɗaya. Ya kuma riƙa buɗe manhajar a babbar wayar, domin in ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, sauran wayoyin za su fita daga asusun.