Yadda Sabon Digiri Zai Gabatar da Kansa a Bidiyon Minti Ɗaya

Wasu masu ɗaukar ma'aikata kan nemi gajeren bidiyo tare da takardar neman aiki. Minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalmomi 130 zuwa 150, saboda haka ka rubuta jawabinka tukuna, ka karanta shi da agogo a hannu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yabon kai: "Ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya." Kowa na iya faɗin haka. Maimakon yabo, kawo aikin da ka yi.

Ka raba mintin gida uku. Daƙiƙa 10 na farko, sunanka da abin da ka karanta. Daƙiƙa 40, misali ɗaya ko biyu. Ragowar 10, aikin da kake nema.

A ce wadda ta karanta akanta ce. Za ta iya cewa: "Lokacin da nake bautar ƙasa a wata makaranta, na tarar ana rubuta kuɗin makaranta a littattafai uku da lissafinsu bai dace ba. Na haɗe su a Excel, na gano rasit 14 da aka shigar sau biyu. Rahoton wata da kan ci kwana uku ya koma na yini ɗaya." Ba ta ce ta ƙware ba, amma mai kallo ya gani: ga matsala, ga mataki, ga sakamako.

Duk jimlar da abokin karatunka zai iya faɗa game da kansa, goge ta. Kuma kada ka ƙara gishiri a alƙaluma, domin ranar ganawa za a tambaye ka yadda ka same su.