Ƙidayar Koke-koke: Abin da Rajistar Mako Ke Faɗa da Abin da Take Ɓoyewa

Tun daga ƙarshen shekarar 2014 kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wutar lantarki a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, kuma hukumar NERC ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su riƙa kai mata rahoton koke-koken masu shan wuta. Akan kasa koken gida-gida: matsalar mita, kuɗin wuta, ɗaukewar wuta, ƙarancin ƙarfinta, da yanke waya. Kowane koke gida ɗaya yake shiga, da ranarsa da unguwarsa. A ƙarshen mako sai a ƙirga.

A ƙaddara wani ofishi a gari kamar Birnin Gwari ya sami koken ɗaukewar wuta 9 da 12 da 8 da 11 a makonni huɗu. Jimilla 40 ke nan, wato matsakaicin 10 a mako. Masana ƙididdiga sun nuna cewa irin wannan ƙidaya takan yi sama da ƙasa da kanta, gwargwadon lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da matsakaicin, wato kimanin 3 a nan. Saboda haka tashi daga 9 zuwa 12 ba labari ba ne. Sai adadin ya haura 16 ya kamata a tsaya a duba.

To, a mako na biyar sai ga koke 34. Mai gaggawa zai ce gari ya lalace. Amma da aka duba unguwanni, sai aka tarar 26 daga layi ɗaya suke, inda taransifoma ɗaya ta ƙone. Mutum 26 ne suka koka, amma matsalar guda ce. Shi ya sa ake buɗe sahu biyu a rajista, na masu koke da na matsaloli.

Haɗarin da ya fi wannan ba ya ihu. Idan koken kuɗin wuta ya tafi 5, 7, 9, 12, 14, babu makon da zai ɗaga hankali, alhali ya kusa ninkawa uku. Sai an jera makonnin a jadawali ɗaya hawan yake bayyana.

Raguwa ma tana yaudara. A ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, saboda 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Kamuku da kewayensa, ba a kuma ba da umarnin maido da su ba sai ƙarshen Nuwamba. A irin waɗannan makonni duk rajistar da ta dogara da kiran waya za ta nuna sifiri, ko da gari na cikin duhu. Ƙwararren magatakarda ba ya rubuta sifiri a nan. Yakan rubuta "babu bayani", ya kuma cire makonnin daga lissafin matsakaici.