Haske mai hawa-hawa da layin gefe a cikin Unity

A majigin zane, haske ba ya sauka sannu-sannu kan jikin abu. Hawa biyu ko uku ne, kowane da iyakarsa. Wasan Jet Set Radio (2000) na cikin waɗanda suka fito da wannan salo. Ga yadda ake gina shi a `shader` na Unity.

Bari mu kira N kibiyar da ke tsaye cak kan fuskar abu, L kuma kibiyar da ke nuna inda haske yake fitowa.

```
float d = saturate(dot(N, L));
float b = min(floor(d * 3.0), 2.0) / 2.0;
```

Ƙimar `d` tana tsakanin 0 da 1, `floor` kuma yana yanka ta hawa uku. In kusurwar da ke tsakanin kibiyoyin digiri 60 ce, `d` ya zama 0,5, `b` ya zama 0,5. A digiri 50 ma `b` bai sauya ba, amma a 45 sai ya yi tsalle zuwa 1. Mu lura da `min`: in babu shi, wurin da ke fuskantar haske sosai zai ba da 1,5, wato hawa na huɗu.

Shi kuwa layin gefe, sake zana abin ake yi da baƙin launi. Ana tura kowane ɗigo waje kaɗan ta bin N, sannan `Cull Front` ya ɓoye fuskokin gaba. Abin da ya leƙo daga baya shi ne layin. Dabarar ba ta da tsada, sai dai tana cijewa a kaifin akwati, inda kowace fuska ke da tata N: fuskokin sukan rabu, layin ya tsinke. Maganinsa, a lissafa matsakaiciyar N ta kowane lungu, a adana ta cikin launin ɗigo, a tura da ita.