Idan Maɓallin Waya Ya Maƙale, Kafin Ka Garzaya Wurin Mai Gyara

Maɓallan da ke gefen waya, na kunnawa da na ƙara murya da na rage ta, su ne kusan kaɗai abin da ke motsi a jikin wayoyin zamani, shi ya sa suke saurin ba da matsala. Abin da kake taɓawa da yatsa ɗan marfi ne kawai na roba ko ƙarfe. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai doro, wanda yake lotsawa idan ka danna, ya haɗa wuta, sannan ya dawo yadda yake. Wannan lotsawa da dawowa su ne ke ba da ɗan sautin “ƙyas” da kake ji. Faifan yana zaune a kan wata siririyar igiyar lantarki da masu gyara ke kira fuleks, ita ce ke kai saƙo cikin injin wayar.

Don haka abu na farko shi ne ka saurari maɓallin. Idan ya nutse bai dawo ba, ko ya yi tauri, ko yana danƙo, to akwai abin da ya tokare shi daga waje, kuma sau da yawa a gida za a iya magance shi. Idan yana ba da sautinsa lafiya lau amma wayar ba ta amsawa, matsalar tana ciki, ko dai fuleks ne ko manhajar wayar. Idan kuwa ya yi laushi, babu sauti sam, to faifan ne ya gaji ko ya goce, wannan aikin mai gyara ne.

Mu ɗauki misalin da ake yawan gani. Mutum ya sayi sabuwar rigar roba ya sa wa wayarsa Tecno ko Samsung. Bayan ‘yan kwanaki sai ya ga murya tana sauka da kanta, kira yana shigowa ba ya ji. Ya kashe wayar ya kunna da nufin ta daidaita, sai ga rubutu a ƙasan fuskarta daga hagu: Safe mode. WhatsApp da sauran manhajojin da ya sauke duk sun dushe ko sun ɓace. Nan hankalinsa zai tashi, ya ce wayar ta kamu da cuta. Alhali ba abin da ya goge. A yawancin wayoyin Android, riƙe maɓallin rage murya a daidai lokacin da waya ke tashi shi ne ke shigar da ita Safe mode, inda take dakatar da duk manhajar da ba da ita aka ƙera ta ba. Rigar ce ke danne maɓallin dare da rana, domin an yi ta ne don wani samfuri mai kama da wannan, kuma bambancin milimita ɗaya a wurin maɓalli ya isa ya jawo haka. Da zarar an cire rigar an sake kunna wayar, komai zai dawo wurinsa.

Shi ya sa nake ganin cire riga shi ne gwaji na farko ko da rigar ta daɗe a jikin wayar. Zafi yana lanƙwasa roba, kuma ƙura tana taruwa a tsakanin riga da waya, musamman a lokacin hunturu.

Idan an cire riga kuma maɓallin yana nan da taurinsa, sai a koma kan datti. Ƙurar ƙasarmu mai laushi ce ƙwarai, idan ta haɗu da gumi ko man shafawa ko ɗigon shayi mai sukari sai ta daskare a zagayen maɓallin. Ka samu busasshen buroshin goge baki mai laushi, ka juya maɓallin ya kalli ƙasa, ka share gefensa a hankali don dattin ya zubo waje. Bayan haka ka ɗan jiƙa auduga da sifirit irin na kyamis, jiƙawa kaɗan wadda ba ta ɗiga, ka goga a kewayen maɓallin kana dannawa sau da dama, sannan ka bar shi ya bushe na kamar minti 10. Kada ka zura allura ko reza, domin suna iya huda robar da ke hana ruwa shiga ko su yanke fuleks. Kada ka zuba ruwa, ko kananzir, ko man keken ɗinki. Mai yana ƙara kama ƙura ne.

Ka’ida ita ce a kashe waya kafin a goge ta, amma a nan akwai tarko. Idan maɓallin kunnawa ne ya lalace, ka kashe wayar Android, mai yiwuwa ba za ta sake tashi ba sai an buɗe ta. To kar ka kashe, kuma kar ka bari cajinta ya ƙare. Wayar iPhone ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin tana tashi da kanta idan aka jona ta a caja.

Kafin a kai ga gyara, saitin waya na iya maye gurbin maɓallan. A Android, shiga Settings, ka nemi Accessibility, ka kunna Accessibility Menu. Wata ‘yar alama za ta bayyana a fuskar wayar, idan ka taɓa ta za ka ga wurin ƙara murya da rage ta, da kulle fuska, da ɗaukar hoton fuska, da Power mai fito da zaɓin kashewa ko sake kunnawa. Don tayar da fuskar ba tare da maɓalli ba, a Samsung ka bi Advanced features, sai Motions and gestures, ka kunna Double tap to turn on screen, sai ka riƙa ƙwanƙwasa gilashin sau biyu. A wasu wayoyin sunan ya ɗan bambanta, rubuta “tap” a wurin bincike na Settings zai nuna maka. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da tsarin sa wa waya lokacin da za ta mutu da lokacin da za ta kunna kanta. Mai lalataccen maɓallin kunnawa ya saita wannan tun wayar tana raye. Masu iPhone kuwa su bi Settings, Accessibility, Touch, su kunna AssistiveTouch.

Waɗannan dabaru suna taimakon maɓallin da ya mutu. Wanda ya maƙale a danne kuwa, saiti ba ya hana shi aika saƙo. Irinsa kan sa waya ta yi ta mutuwa tana tashi, ko ta faɗa wani baƙin shafi mai ƙananan rubutu. Idan ka ga haka, ka zaɓi Reboot system now kawai. Kada ka kuskura ka taɓa Wipe data/factory reset, domin zai share hotunanka da duk abin da ke cikin wayar.

Akwai alama ɗaya da ba a jinkiri a kanta. Idan maɓalli ya yi tauri kuma ka lura bayan wayar ya ɗago, ko gilashi ya fara rabuwa da jikinta, batir ne ya kumbura yake tura komai waje. Kumburarren batir na iya kamawa da wuta. Ka daina sa ta a caji, kada ka matse ta, kada ka kwana da ita a ƙarƙashin matashi, ka kai ta a canza batirin a ranar.

Canza fuleks ɗin maɓalli kuwa ƙaramin aiki ne a wurin wanda ya ƙware, a kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano ko a shagon unguwa. Kafin ka miƙa wayar, ka adana hotunanka da lambobinka a wani wuri, ka cire layinka da katin ajiya, sannan ka gwada maɓallan guda uku a gaban mai gyaran kafin ka biya shi.