Saƙon da ke cewa littafin Hindu ya umarci a kashe Musulmi

Wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mutane daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Mai maganar ya ce Hindu addini ne guda mai littafi guda, Beda, kuma wai a cikinsa aka umarci mabiya su hallaka Musulmi. Ya rufe da gargaɗin kada wanda ya ƙara kai mara lafiya asibitin Indiya. Wannan gargaɗin ne abin tashin hankali, domin an fara jin masu ja da baya alhali likita ya ce ciwon ƙoda ko na zuciyar ɗan'uwansu ba ya jira.

Sauran da'awoyin saƙon, wai duk Ba'indiye Bahindu ne kuma saniya ce ginshiƙin addinin, ba sa buƙatar dogon zance. Ba kowane Ba'indiye ne Bahindu ba: ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172. Girmama saniya kuwa gaskiya ne, amma ba ita ce ginshiƙin addinin ba.

Batun umarnin kisa lissafin shekaru kaɗai ya ishe shi. Rigbeda, mafi tsufa cikin Beda huɗu, waƙoƙi ne 1,028 da masana ke kai su wajen 1500 zuwa 1200 kafin Miladiyya, kusan shekara dubu biyu ke nan kafin zuwan Musulunci. Ta yaya zai ambaci mutanen da ba a yi su ba tukuna? Akwai yaƙi da abokan gaba a ciki, amma na ƙabilun wancan zamani ne. Mafi yawansa kirari ne ga Agni, abin bautar wuta, da Indra, ana rerawa yayin da malaman Barahma ke zuba man shanu a wutar hadaya don roƙon ruwa da shanu da 'ya'ya. Wanda ya naɗi saƙon bai kawo baiti ko ɗaya ba, kuma da ya yi bincike na minti goma da bai jefa marasa lafiya cikin zullumi ba.

Abin da mai saƙon bai sani ba shi ne akasarin mabiya ba sa karanta Beda, don da tsohon harshen Sanskirit yake. Addinin ya yi ta sauya kama. Littattafan Upanishad sun karkata daga hadaya zuwa tambaya a kan rai da sake haihuwa da sakamakon aiki. Bagabad Gita, mai baiti 700, ya ɗaukaka miƙa zuciya ga Kirishna. Daga ƙarni na 6 zuwa na 9 mawaƙan ƙasar Tamil, Albar 12 masu begen Bishnu da Nayanar 63 masu begen Shiba, suka riƙa zaga garuruwa suna waƙa da harshen talakawa. Wannan tafarki na bege, wanda suke kira bakti, ya bazu arewa har ya fito da Kabir, masaƙin Banaras da ya tashi a gidan Musulmi a ƙarni na 15, da Tulsidas wanda ya soma tasa waƙar ta labarin Rama a 1574. Waƙar ɗakin bauta da Bahaushe ya saba gani a fim ɗin Indiya jikar wannan ce.

Sunan Hindu ma baƙo ne. Farisawa ne suka mayar da Sindu, sunan kogin Indus, ya zama Hindu, suna nufin mutanen wannan ƙasa. Larabawa suka ce al-Hind. Al-Biruni, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya lura cewa masu iliminsu suna cewa Ubangiji ɗaya ne, jama'a kuwa suna riƙe da gumaka. Sai a ƙarni na 19, da ƙidayar Turawa ta 1871 da makamantanta, kalmar ta zama akwati guda da aka zuba ɗaruruwan ƙungiyoyi. Shin Turawa ne suka ƙirƙiri addinin? Masana sun rabu. Wasu na cewa eh, wasu na nuna cewa mawaƙan ƙarni na 15 da na 16 sun riga sun bambanta Hindu da Turk, wato Musulmi. Nan babu hukunci yankakke.

Waɗanda suka gaskata saƙon ba su yi wauta ba, don tsoronsu yana da tushe. An rushe Masallacin Babri a Ayodiya ranar 6 ga Disamba 1992, kuma a Gujarat a 2002 an kashe mutum fiye da dubu, galibinsu Musulmi. Amma tushen wannan rikici aƙidar siyasa ce, Hindutba, wadda wani mai suna Sabarka ya tsara a ɗan littafinsa na 1923, kuma Hindu da dama suna yaƙar ta. Mai shirin kai mara lafiya Delhi ko Chennai, abin da zai bincika shi ne rajistar asibitin, ƙwarewar likitan a kan wannan ciwon, da jimillar kuɗin a rubuce kafin a sayar da gona.