Kuɗin Wuta Ninki Bakwai, Ribar Sanyi Kaɗan

Duk wanda ya san lagireton mota ya san na'urar musayar zafi. A masana'antu da tashoshin lantarki akwai manyanta: tarin siraran bututu cikin ganga, ruwan sanyi na bi ta ciki, mai mai zafi na kewaya su ta waje. Abin da ke hana injiniya barci shi ne faɗin bututun da saurin ruwan.

Ruwan da ke tafiya a bututu yakan bar wani siririn shimfiɗi da ke manne da bango, kusan ba ya motsi, yana tare zafi kamar bargo. Gudu ne ke kankare shi. In an ninka saurin ruwa, ƙarfinsa na kwasar zafi kan ƙaru da kusan kashi 74 cikin 100. Sai dai gogayya da bango ta fi haka tashi.

A ɗauki na'urar sanyaya mai, mai bututu 100, kowanne faɗin cikinsa milimita 16, tsawonsa mita 5. In ruwa na gudun mita 1 a daƙiƙa, lita 20 ke wucewa duk daƙiƙa, matsin da ake asara a hanya kuma daidai yake da ɗaga ruwan sama santimita 42. Aikin wat 83 ke nan. A mai da gudun mita 2, sai asarar ta kai mita 1.4, ga shi ruwan da ake turawa ya zama lita 40. Famfo zai yi aikin wat 560, kusan ninki bakwai.

To, me aka samu? A nan gizo ke saƙar. Mai yana da kauri, ba ya sakin zafi da wuri, kuma a irin wannan na'ura kusan kashi 90 na cikas ɗin a ɓangarensa yake. Ƙofar ruwa aka faɗaɗa alhali cunkoson yana ƙofar mai, don haka ingancin musayar gaba ɗaya bai ƙaru da fiye da kashi 4 ko 5 ba.

Faɗin bututu ya fi tsanani. Sirara na ba da fili mai yawa a ƙaramar ganga, amma in aka raba faɗin biyu, ruwan kowane bututu bai ragu ba, asarar matsi kan ninka kusan sau 28. Wanke su ma jan aiki ne.

Rage gudu sosai kuma ba dabara ba ce. Ƙasa da mita 1 a daƙiƙa, laka da gansakuka kan samu wurin zama. In ya zarce wajen mita biyu da rabi, ruwa kan fara cin bututun tagulla, musamman a bakinsa. Ma'aikaci kan gane matsala daga agogon matsi na mashiga da mafita: in tazararsu na ƙaruwa, ruwan bai ƙaru ba, mai kuma na fita da zafi, bututun sun fara toshewa.