Ƙaurar rumbun bayanai: inda za a tsaya, da inda za a koma

A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa sama da miliyan biyar daga na'urorin Lloyds zuwa sabon tsarinsa a ƙarshen mako guda. Bayanan sun isa, amma sabon tsarin ya kasa ɗaukar nauyin jama'a. Mutane da dama suka kasa shiga asusunsu, wasu har suka ga asusun da ba nasu ba. A Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Irin wannan ne ya sa masu aikin ke raba ƙaura mataki-mataki. A ce wani banki zai mayar da asusai dubu ɗari biyu zuwa sabon rumbu. Da farko a ɗauki kwafin tsohon rumbun, sannan a loda shi a wata na'ura a ga ya tashi. Wannan gwajin ne ake yawan tsallakewa, alhali kwafin da ba a taɓa lodawa ba babu wanda ya san ko yana aiki. Daga nan a sa manhaja ta riƙa rubuta kowane sabon ciniki a rumbunan biyu, a kwashe tsofaffin bayanai kashi-kashi, a yi ƙidaya a kowane ɓangare:

```sql
SELECT COUNT(*), SUM(balance) FROM accounts;
```

Yawan asusai da jimillar kuɗi dole su zo daidai. Idan sabon rumbu ya nuna 199,997, asusai uku sun ɓata ke nan, kuma hukuncin shi ne a dakata har a gano su. A ganina nan ne ƙarfin tsarin yake: tun kafin ranar ake rubuta sharaɗin wuce kowane mataki, da sunan mutum ɗaya da zai ce a ci gaba ko a dakata. A allon bibiya amsa biyu ce kawai. "Ya kusa" ba ta shiga, domin da ƙarfe uku na dare, ga gajiya ga manya suna ta kira a waya, kowa zai so ya karɓe ta.

Idan ƙidaya ta yi daidai, sai a karkatar da ɗan kaso na abokan hulɗa, misali biyar cikin ɗari, zuwa sabon rumbu, a sa ido kan kurakurai da jinkiri. Matsala ta ɓullo, a mayar da su tsohon, tunda har yanzu ana rubuta masa komai.

Hanyar komawa tana da wa'adi. Ranar da aka daina rubuta wa tsohon rumbu, duk kuɗin da aka tura bayan nan a sabon kaɗai yake, kuma loda kwafin jiya zai shafe cinikin yau. Saboda haka ake ware wannan mataki a allon, kuma ba a taka shi sai sabon rumbu ya jure ranaku masu cunkoso irin na biyan albashi a ƙarshen wata.